Rahoton rashin bin ƙa'ida kan kebul mai ƙaramin kauri

Idan ɗan kwangila ya shimfiɗa kebul mai kaurin 70 inda zane ya nuna 95, kada ka tsaya ga faɗar baki. Rubuta masa rahoto, ka sa sunan fidar, lambar zanen, da hoton rubutun jikin kebul.

Sai ka nuna lissafin da ya tsallake. A ce tebur ya ba kebul ɗin amfiya 200 a zafin digiri 30. A digiri 45 ana ninka na PVC da 0.79, sai ya koma 158, tun kafin ragin cunkoso a tire ɗaya. Fidar amfiya 180 za ta dafa rufinsa.

Ka buƙaci ya canja kebul, ya kawo sabon lissafi, ka yanke masa rana. Kada a saki wuta kafin nan.