Sarƙar Amana: Yadda Burauza Ke Gaskata Shafin Intanet

Gabatarwa

Ɗalibi ya buɗe shafin biyan kuɗin makaranta, ya rubuta lambar katinsa. Wa ya tabbatar masa cewa shafin na gaskiya ne, ba na wani macuci da ya kwaikwayi kamanninsa ba? Wannan muƙala za ta yi bayanin yadda burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Firefox, take warware wannan matsala, da kuma inda tsarin yake da rauni.

Takardar Shaida

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da mabuɗai biyu masu alaƙar lissafi da juna. Ɗaya na sirri ne, yana ɓoye a wurin mai shafin. Ɗayan na fili ne, kowa na iya gani. Idan aka sa hannu da na sirri, da na fili ake gane cewa sa hannun ba jabu ba ne. To amma ai macuci ma zai iya ƙirƙirar nasa mabuɗan. Saboda haka ake buƙatar wani na uku ya shaida cewa mabuɗi kaza na shafi kaza ne. Wannan na ukun shi ne hukumar ba da shaida. Takardar da take bayarwa tana ɗauke da sunan shafin, da mabuɗinsa na fili, da wa'adin aikinta, da sa hannun hukumar.

Yadda Sarƙar Take

Ita kuma hukumar wa ya shaide ta? Mu ɗauki misalin shafin da ya karɓi takarda daga hukumar Let's Encrypt a shekarar 2024. Da zarar burauza ta tuntuɓe shi, sai ya miƙo takardu biyu: tasa, da ta tsakiya mai suna R11. Burauza za ta ɗauki mabuɗin R11 ta gwada sa hannun da ke kan takardar shafin. Idan ya dace, sai ta duba wanda ya sa wa R11 hannu, ta tarar da ISRG Root X1, wato takardar tushe. A nan sarƙar ta tsaya, domin tushe shi yake sa wa kansa hannu. Dalilin yarda da shi kuwa shi ne masu burauzar ko masu tsarin na'urar sun riga sun tantance hukumar, sun sa takardarta cikin jerin amintattu tun kafin na'urar ta zo hannunmu.

Hikimar takardar tsakiya ita ce kare tushe. Mabuɗin tushe a killace yake, ba a haɗa shi da intanet. Idan na tsakiya ya faɗa hannun ɓarayi, sai a soke shi a yi wani, ba tare da an taɓa miliyoyin na'urori ba.

Bayan haka burauza tana duba ko sunan da ke takardar ya yi daidai da adireshin da aka rubuta, da ko wa'adinta bai ƙare ba. Sannan dole shafin ya nuna yana riƙe da mabuɗin sirrin, ta hanyar yin sabon sa hannu nan take. Idan ɗaya ya kuskure, sai gargaɗi ya fito. Wani lokaci laifin na wayarmu ne: idan kwanan watanta ya rikice, takarda mai kyau sai ta zama kamar ta mutu.

Ranar da Amana ta Karye

A shekarar 2011 aka kutsa cikin hukumar DigiNotar ta ƙasar Holan, aka buga takardun jabu sama da 500, har da ta Google. An yi amfani da ita wajen leƙen asirin masu Gmail a Iran. Sarƙar ba ta da aibi ta fuskar lissafi, domin sa hannun na amintacciyar hukuma ne. Da asiri ya tonu, aka cire DigiNotar daga jerin amintattu, kamfanin ya durƙushe a shekarar. Daga cikin gyaran da ya biyo baya, tun 2018 Chrome ba ya karɓar sabuwar takarda sai an shigar da ita rajistar da kowa ke iya bincikawa.

Kammalawa

A taƙaice, abin da sarƙar take shaidawa shi ne kana magana da mai riƙe da wannan adireshin. Ba ta shaida halinsa ba. Macuci zai iya yin rajistar suna mai kama da na makarantarku, da bambancin harafi ɗaya, ya sami takarda ingantacciya. Don haka kafin ka rubuta lambar katinka, karanta adireshin harafi bayan harafi, kamar yadda kake bambance kafa da ƙafa.