Yadda Ake Rubuta Tsakure: Darasi Daga Binciken Sauro Na Garki

'Yan aji shida da ke shirin shiga jami'a za su tarar cewa kowace takardar bincike ta kimiyya tana da ɗan sakin layi a farkonta, wanda masana Hausa suke kira tsakure. Yawanci ba ya wuce kalmomi 150 zuwa 250. Mutane da yawa iyakar abin da suke karantawa ke nan daga cikin takardar, har da likitoci da jami'an gwamnati masu yanke shawara a kan kuɗi da magani. Don haka in tsakure ya karkace, shawararsu ma za ta karkace. Za mu koyi rubuta shi da wani bincike da aka yi a nan ƙasarmu.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki. A lokacin Garki tana cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakon a littafi mai shafi fiye da 300, wanda ya fito a 1980. Littafi ne, ba gajeriyar takarda ba, amma aikin taƙaitawa iri ɗaya ne.

Kafin mu rubuta ko kalma ɗaya, sai mun karanta har mun iya amsa tambayoyi huɗu da baki: me suka so su sani, yaya suka yi, me suka samu, kuma ina iyakar abin da suka samu.

Tambayarsu ita ce, ko feshin maganin sauro a cikin ɗakuna, shi kaɗai ko tare da raba wa jama'a magani, zai iya katse yaɗuwar cutar a irin wannan ƙasa tamu. Sun fara da auna halin da ake ciki daga 1970 zuwa farkon 1972 ba tare da taɓa kome ba. Sannan a damina biyu, ta 1972 da ta 1973, aka fesa wani magani mai suna furofoksa a ƙauyuka 164. Wasu ƙauyukan feshi kawai aka yi musu. Wasu aka haɗa da ba mutane salfalin da firimetamin kowane mako 10, wasu kaɗan kuma kowane mako 2 da damina. Akwai waɗanda aka bari ba feshi ba rabon magani, domin a gwada sauran da su. A ƙauyuka 22 an riƙa ɗibar jinin mutane kowane mako 10 ana dubawa a madubin likita.

To, ga tsakuren da ɗalibi mai gaggawa zai iya rubutawa: "An yi bincike a Garki a kan zazzaɓin cizon sauro. An fesa magani, kuma yaɗuwar cutar ta ragu da kashi 90 cikin ɗari. Wannan ya nuna feshi yana maganin zazzaɓi."

Lambar 90 tana cikin rahoton, ba ƙirƙirar ta ya yi ba. Amma me ya ragu da kashi 90? Ƙarfin sauro na yaɗa cuta ne, wani lissafi da ake yi daga yawan cizo da kuma tsawon ran sauron. Da aka duba jinin mutane a ƙauyukan da aka yi wa feshi kaɗai, masu ɗauke da ƙwayar cutar sun ragu ne da wajen kashi 25 kawai. Wato cikin kowane mutum huɗu da suke ɗauke da ita a dā, uku suna nan da ita. Ɗalibin ya ɗauki ma'aunin sauro ya ɗora wa mutane. A ganinmu wannan ya fi rubuta lambar da ba daidai ba haɗari, domin mai dubawa zai buɗe littafin ya ga 90, ya ce ai gaskiya ne. Saboda haka kowace lamba ta shiga tsakure, sai ta shigo da sunan abin da aka auna da kuma rukunin da aka auna shi a ciki.

Ya kuma manta da ƙauyukan da aka bari. Shekarun 1972 da 1973 shekarun fari ne a ƙasashen Sahel, kuma kowa ya san sauro da ruwa yake tafiya. In ba a faɗi cewa akwai ƙauyukan gwadawa ba, mai karatu yana da damar tambaya ko feshi ne ya rage sauron ko ƙarancin ruwan sama. Rabin jimla ya isa a toshe wannan ƙofa.

Sai maganar iyaka, wadda ita ce ake fara yankewa in wuri ya ƙure. Inda aka haɗa feshi da magani kowane mako 2, masu ƙwayar cutar sun sauko har wajen kashi 1 cikin ɗari da rani. Duk da haka yaɗuwar ba ta katse ba, ana ta samun sababbin kamu, kuma da aka daina aikin cutar ta koma yadda take a maƙwabta. Babban dalilin da masu binciken suka bayar shi ne, wani ɓangare na sauron yana cizo ya fita waje ya huta, bai sauka a bangon da aka fesa ba balle maganin ya kashe shi. Wanda ya rubuta kashi 1 ya yi shiru a kan wannan, ya juya binciken a kansa.

Ga namu tsakuren:

"An gwada ko feshin furofoksa a cikin ɗakuna, shi kaɗai ko tare da raba salfalin da firimetamin, zai katse yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki. Bayan awon farko daga 1970 zuwa 1972, an yi feshi a ƙauyuka 164 a daminar 1972 da ta 1973, an bar wasu ƙauyuka don gwadawa, kuma an duba jinin mazauna ƙauyuka 22 kowane mako 10. Feshi kaɗai ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da wajen kashi 90 cikin ɗari, amma masu ɗauke da ƙwayar cutar sun ragu da wajen kashi 25 kawai. Da aka haɗa da magani kowane mako 2 da damina, sun sauko wajen kashi 1 da rani. Yaɗuwar ba ta katse ba, musamman don wani ɓangare na sauron yana hutawa a waje, kuma cutar ta dawo bayan an daina. Sakamakon ya shafi damina biyu ne, a yankin da cutar take da ƙarfi ƙwarai."

Ku lura da abin da muka zubar: tarihin cutar, sunayen ƙauyuka, kuɗin da aka kashe, da lissafin yaɗuwar cuta da Klaus Dietz da abokan aikinsa suka buga a 1974 daga wannan aiki. Wannan lissafin ya yi suna a duniya, amma takarda ce daban mai nata tsakuren. Ba mu kuma sa gidan sauro mai magani ba, ko da yake yau shi kowa ya sani, domin ba a gwada shi a Garki ba.

In kun gama naku, ku ba wani ɗan ajinku wanda bai karanta takardar ba, ku tambaye shi: in kai ne shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, me za ka yi da wannan? In ya ce zai sayi maganin feshi ya kawar da zazzaɓi cikin shekara biyu, ku koma ku duba wace jimla ce ta faɗi a hanya.