Darasi na 14: Asusun Rabi

Karatu

Ga wata yarinya, mu ce sunanta Rabi. Tana zaune a unguwar Bukoki, cikin birnin Yamai. Bana ta fara koyon Ingilishi. Ta ga wani ƙaramin ƙamus wurin masu saida littattafai kusa da Babbar Kasuwa. Mai littafi ya ce kuɗinsa jikka guda, wato dala 200.

Rabi ba ta da jikka guda. Amma kowace ranar makaranta uwarta tana ba ta dala 20 na karin kumallo. Da ta koma gida sai ta ce:

"Inna, ki saya mini ƙamus."

Uwar ta ce: "Ɗiyata, ba ni da jikka yau. Amma ga asusu. Ki ci ƙosai da koko na dala 15, ki jefa dala 5 a ciki. Da yayyafi kogi kan cika."

Asusu ƴar tukunya ce ta yumɓu. Ba ta da murfi, sai ɗan tsagi inda kuɗi ke shiga. Abin da ya shiga ba ya fita sai ran da aka fasa ta.

Rabi tana zuwa makaranta kwana 5 cikin sati. Kullum tana jefa dala 5. Ran Juma'a ta tara dala 25. Bayan sati 4 ta tara dala 100, rabin kuɗin ke nan. Ba ta iya ganin cikin asusu, don haka duk ran da ta jefa kuɗi sai ta ja layi guda a bayan kayenta. Layi guda, dala 5.

Wata rana ta yi kwaɗayin alewa. Ta ɗauki tsinke za ta zaƙulo kuɗi ta tsagin. Uwar ta gan ta, ta ce: "In kin zaƙulo yau, gobe ma za ki zaƙulo. Kayenki zai ce akwai, asusu ya ce babu." Rabi ta yar da tsinken.

Da sati 8 ya cika, ta ƙidaya layi 40. Ta fasa asusu gaban uwarta, ta iske dala 200 cif. Ran Asabar suka tafi kasuwa, ta sayo ƙamus.

Asusu yana da iyakarsa. Ba ya ƙara kuɗi, abin da ka zuba shi za ka iske. Kuma ba a sa kuɗin takarda a ciki su daɗe, don laima ko gara na iya ɓata su. Shi ya sa manya suke yin adashe, ko su kai kuɗi banki in suna da yawa.

Mu lura

Mu Hausawan Nijar da dala muke ƙidayar kuɗi. Dala guda tamma 5 ce ta sefa. Amma da Ingilishi ba a ƙidaya da dala, sai da tamma, kamar yadda ake yi da Faransanci. Ku dubi ƙwayar kuɗin da Rabi take jefawa. An rubuta 25 a kanta, mu kuwa muna ce mata dala 5.

Saboda haka, kafin ku faɗi kuɗi da Ingilishi, ku ninka dala sau 5. Kuɗin ƙamus dala 200 ne, da Ingilishi 1000 za ku ce. In kun ce 200, baƙon da ya zo daga Najeriya ko Gana zai miƙo tamma 200, wato dala 40 kaɗai.

Sabbin kalmomi

Tanadi: aje wani abu yau don buƙatar gobe.
Zaƙulowa: fiddo abu ta ƙaramar kafa.
Adashe: mutane su riƙa zuba kuɗi tare, kowane zubi mutum guda ya kwashe, har kowa ya samu.

Tambayoyi

1. Mene ne Rabi take so ta saya, kuma nawa ne kuɗinsa?
2. Dala nawa take jefawa cikin asusu kullum? Nawa take tarawa a sati?
3. Don me take jan layi a bayan kayenta?
4. Da a ce dala 10 take jefawa kullum, sati nawa za ta yi kafin ta tara jikka guda?
5. Zaɓi abin da kake so ka saya. Rubuta kuɗinsa da dala, ka maida shi tamma, ka faɗa wa malam da Ingilishi. Sa'an nan ka nuna nawa za ka aje kullum, da kwanakin da za ka yi.