Jita-jitar garinmu ta hana mu ciniki

Tambaya: Muna niƙa garin masara a Matazu. Wani ya yaɗa a WhatsApp cewa garinmu na ɗauke da guba, 'yan sarin Funtua da Malumfashi sun daina ɗauka. Yaya za mu yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Kada ka fara da rantsuwa. A 2004 irin wannan magana ta auka wa taliyar Indomie, abin da ya farfaɗo da kasuwarta shi ne binciken hukumar NAFDAC.

Duba lambar rukunin buhunan da ake zargi, ka dakatar da sayar da su yau. Ɗauki samfur daga sitonka da shagunan 'yan sari, ka kai wa NAFDAC a Katsina. A auna har da gubar rumar hatsi, domin masarar da aka ɗura ba ta bushe ba takan kamu da ita, ido kuma ba lallai ya gani ba.

Mutum ɗaya tak zai yi magana da yawun kamfani. Ya aika saƙon murya da Hausa cikin zaurukan da maganar ta shiga, ya faɗi matakin da aka ɗauka, kada ya maimaita ƙazafin. 'Yan sari kuwa, taka ka same su da kanka.

Idan sakamako ya nuna matsala, janye kayan ka mayar da kuɗin mutane. In ya wanke ku, liƙa takardar a kowane shago.