Idan Akwatin Imel Ya Cika

Malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, idan Gmail ya daina karɓar saƙo, kada ku ɓata lokaci kan goge ƙananan wasiƙu. Gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta, har da Drive da Photos ake rabawa.

A wurin bincike ku rubuta:

```
has:attachment larger:10M
```

Manyan saƙonni za su fito, galibi bidiyo da takardun da aka ɗauka a hoto. Ku sauke su a katin memori, ba a Drive ba, domin rumbun ɗaya ne. Ku buɗe kowanne ku tabbatar ya sauka cikakke, saboda sabis kan yanke ana tsakiyar saukewa. Sannan ku goge, ku kwashe Trash, in ba haka ba wurin ba zai samu ba sai bayan kwana 30.