Sukari da Ruɓewar Haƙori: Sau Nawa A Ke Sha a Yini?

A Tozai da sauran garuruwan ƙasar Illela sukari bai yi wuyar samu ba. Kaya na shigowa daga Sakkwato, wasu kuma daga Birnin Ƙonni a ƙetaren iyaka. Mai shayi yana da sukari, mai fura na zuba shi, mai tebur kuma na sayar da alewa da minti da biskit. Jama'a da yawa sun sani yawan sukari yana ɓata haƙori. Abin da ba a cika sani ba shi ne, a wajen haƙori, yawan lokutan da sukari ke shiga baki muhimmin abu ne kamar yawan sukarin kansa. Wannan darasi zai bayyana dalili.

Abin da ke cin haƙori

An daɗe ana cewa tsutsa ce ke huda haƙori. Likitoci sun bincika da madubi mai ƙara girman abu, ba su sami tsutsa ba. Abin da su ka samu shi ne wata dauɗa mai yauƙi wadda ke manne wa haƙori, musamman a gindinsa kusa da dasashi, da tsakanin haƙora, da cikin ramukan turame. A cikin dauɗar nan ƙwayoyin cuta ke zaune, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Abincinsu sukari ne. Da sun ci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami, watau asid, a kan haƙorin da su ke zaune.

Farin ɓawon da ya rufe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. An gina shi da ma'adinai biyu, kalsiyam da fosfet. Amma duk taurinsa, tsami yana narkar da shi kaɗan kaɗan, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye katangar ƙasa.

Ma'aunin tsami

Masana suna auna tsami da wani ma'auni da a ke rubutawa pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kamar ruwa mai tsabta. Muddin lambar na sauka, tsami na ƙaruwa, kuma kowace lamba ɗaya da ta sauka, tsamin ya ninka sau goma. Dauɗar haƙorin mutumin da bai ci kome ba takan tsaya kusa da 7. Idan ta sauka ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori ya fara narkewa. Wannan lamba ta 5.5 ita ce iyakar da ya kamata mai karatu ya riƙe.

A shekarar 1940 da 'yan shekarun da su ka biyo, wani likitan haƙori na Amirka, Robert Stephan, ya riƙa sa mutane su kurkure baki da ruwan sukari, sa'an nan ya auna dauɗar haƙoransu lokaci bayan lokaci. Ya ga cikin 'yan mintoci kaɗan lambar ta faɗi ƙasa, amma komawarta sama sai a hankali, cikin minti 30 zuwa 60. Saukar da sauri, hawan da nawa.

Yawu ne ke mai da ita sama. Yana wanke sukarin, yana kashe kaifin tsamin, yana kuma ɗauke da kalsiyam da fosfet waɗanda ke komawa cikin ɓawon su cike inda ya zaizaye. Ashe haƙori yana rasawa yana kuma samu kowace rana. Idan lokacin gyara ya fi lokacin ɓarna, haƙori ya zauna lafiya. Idan lokacin ɓarna ya rinjaya, wata da watanni, sai rami ya fito.

Ga wani abu kuma. Ƙwayoyin nan ba su bukatar sukari mai yawa kafin su kai tsamin ƙasa da 5.5. Kurɓi ɗaya na shayi mai zaƙi ya ishe su. Saboda haka kowane kurɓi da kowace alewa sabuwar sauka ce, in dai an bar tazara tsakaninsu.

Lissafin yara biyu

A ɗauka ga wa da ƙane a gida ɗaya a Tozai. Kowannensu yana cin abinci sau uku: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. An ba kowannensu alewa goma ranar kasuwa. Domin sauƙin lissafi, a ce kowace sauka tana riƙe haƙori cikin tsami na minti 30.

Wan ya shanye nasa goma a zama ɗaya, da gama shan furar rana. Saukar da alewar ta jawo ta haɗu da ta abincin, sai dai ta ɗan ƙara tsawo. A yinin nan haƙoransa sun shiga tsami sau uku, watau kamar sa'a ɗaya da rabi, ko biyu in an yi yawa. Sauran yinin duka yawu na gyara.

Ƙanen kuwa ya yi tattali. Ya zuba nasa a aljihu, yana tsotsar ɗaya kowace sa'a. Sauka goma ta alewa da uku ta abinci, goma sha uku ke nan. A ninka 13 da minti 30, an sami minti 390, watau sa'a shida da rabi. Sukarin da su ka sha daidai ya ke, ba wanda ya fi wani ko da ƙwaya ɗaya, amma haƙoran ƙanen sun daɗe cikin tsami fiye da ninki uku. Iyaye sukan yaba wa yaro mai tattalin nan, alhali kuwa shi ne haƙoransa ke cikin haɗari.

Haka lissafin ya ke ga manya. Wanda ya sha shayinsa tare da burodi ya tashi, sauka ɗaya ya jawo. Wanda ya zauna majalisa ana dafa shayin Buzaye zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa, kafin yawu ya gama gyaran zagayen farko na biyu ya iso. Tsamin ba ya samun damar sauka daga haƙori tun daga farkon hira har ƙarshenta. Haka kuma direba ko ɗan kasuwa da ya ajiye lemon kwalba yana kurɓa kaɗan kaɗan, ga shi lemon kansa da nasa tsamin.

Shaida daga ƙasar Suwidin

Ba lissafi kaɗai ya nuna wannan ba. Daga 1945 zuwa 1953 an yi wani gwaji a asibitin Vipeholm, kusa da birnin Lund a ƙasar Suwidin, a kan mutum 436 masu raunin hankali, a ka buga sakamakon a 1954. An ba wata ƙungiya sukari mai yawa, wajen giram 300 a yini, a narke cikin abin sha, a lokacin cin abinci kaɗai. Ramukan haƙoransu ba su ƙaru ba sai kaɗan. Wata ƙungiya an ba ta alewa mai danƙo guda 24 a yini, suna sha tsakanin abinci da abinci. Haƙoran waɗannan su ka lalace ƙwarai. Da a ka daina ba su alewar, fitowar sababbin ramuka ta ragu, ta koma kamar da.

Gwajin nan zalunci ne, gama an ɓata haƙoran mutanen da ba su da ikon amincewa ko ƙi, kuma dokokin bincike na yanzu sun hana irinsa. Amma darasinsa ya zauna. Daga nan ne al'adar ba yara alewa ranar Asabar kaɗai ta samo asali a Suwidin.

Kada a ce yawa ba kome ba ne

Wannan bayani ba izini ba ne na a sha sukari ba iyaka a zama ɗaya. Galibi wanda ke sha sau da yawa shi ne kuma ke shan mai yawa, ga kuma ƙiba da sauran illolinsa ga jiki. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da a ke ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga baligi wajen giram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12. In an tsaya a rabin haka ya fi.

Har wa yau akwai abubuwa biyu da ke tsawaita kowace sauka. Na farko danƙo: alewa da tuwon madara da dabino suna maƙalewa a ramukan turame bayan an haɗiye. Na biyu ƙarancin yawu: cikin barci yawu yana raguwa ƙwarai, don haka zaƙin da a ka sha dab da kwanciya, ba a goge baki ba, ya fi na rana ɓarna. Jaririn da a ke kwantarwa da kwalbar shayi ko madara mai sukari a baki, haƙoransa na gaba na sama su ne ke fara ruɓewa.

Yadda a ke gane ciwon

Alamar farko ba ta da zafi. Wani farin tabo ne marar sheƙi, kamar alli, a gindin haƙori, wanda a ke gani in an goge haƙorin ya bushe. A wannan mataki ɓawon bai fashe ba, kuma yana iya warkewa in an rage lokutan zaƙi. In an ƙyale shi sai ya huje, rami kuwa ba ya cikewa da kansa. Daga nan haƙori ya fara tsami da ruwan sanyi ko abin zaƙi. In ciwo ya soma zuwa da kansa yana hana barci, ruɓar ta kai jijiya. Mai rami ya nemi likitan haƙori tun ana iya cikewa. Wanda fuskarsa ta kumbura, ko zazzaɓi ya kama shi, ya tafi asibiti a ranar. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Abin da za a yi

1. A sha abin zaƙi tare da abinci, a gama a zama ɗaya.
2. Tsakanin abinci da abinci a sha ruwa. Mai jin yunwa ya ci gyaɗa ko ƙwai, ko ya sha nono ba sukari.
3. A goge haƙori sau biyu a yini da man goge baki mai fulorayid, ɗaya lalle kafin barci. Fulorayid yana hanzarta gyaran da yawu ke yi, yana kuma sa ɓawon ya fi jure tsami. A tofar da kumfar, kada a kurkure. Asuwaki yana kawar da dauɗa, sai a haɗa shi da man.
4. Bayan gugar dare kada kome ya shiga baki sai ruwa.

Mai gida da uwar gida za su iya gwada gidansu da kansu. A zaɓi yini ɗaya, a ajiye tsakuwa ɗaya a ƙoƙo duk lokacin da wani abu mai sukari ya shiga bakin yaro, har da koko da fura in an zuba musu. Da dare a ƙirga. In tsakuwa sun wuce huɗu, sai a duba waɗanda su ka faɗo tsakanin abinci, a mai da su lokacin abinci, ko kuwa a soke su.