Darasi: Ƙullutun Wuya da Tafiyar Hanji

Ya ku ɗalibai, ku sani cewa a gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wani ɗan ƙullutun nama da likitoci ke kira tayirod. Shi ne wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci da saurin motsin hanji. Yakan lalace ta fuska biyu, ko da wuyan bai kumbura ba.

Fuska ta farko, ya wuce ƙima. Ga misali. A ce wata mata ce a wani ƙauyen Malumfashi, da can malmala ɗaya ta ishe ta, yanzu tana cin uku ba ta ƙoshi. Duk da haka cikin wata huɗu ta sauko daga kilo 60 zuwa 52. Tana zagayawa sau huɗu a yini, tana gumi cikin hunturu, hannunta na rawa, zuciyarta na bugawa fiye da sau 100 a minti alhali tana zaune. 'Yan gida suka ce tsutsar ciki ce, aka sha magani, shiru. Dalili kuwa, jikinta yana ƙona abinci fiye da abin da take ci, hanjinta kuma yana tura shi da gaggawa. In an bar ta haka, zuciya ce za ta wahala.

Fuska ta biyu, ya gaza. Nan hanji kan yi nawa, abinci ya daɗe a ciki, ruwansa ya tsotse, bayan gida ya yi tauri. Cin abinci ya ragu amma jiki ya ƙara nauyi, ga kasala da jin sanyi ko da bazara. Sai a yi ta shan jiƙon basir. Ku lura, ƙarin nauyin bai cika wuce kilo 2 zuwa 5 ba, yawancinsa ruwa ne. Saboda haka ba kowace ƙiba ce ta wannan ciwo ba.

To, ta yaya ake tabbatarwa? Da gwajin jini, domin ciwon sukari ma yana ramar da mai yawan ci. A je babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, su kan tura mutum Shika in da bukata. A takardar za ku ga TSH. Galibi in ya hau, ƙullutun ya gaza. In ya faɗi ƙasa, ya wuce ƙima.

Duka biyun suna da magani. Wanda nasa ya gaza, ƙwaya ɗaya ce kullum da ruwa, aƙalla rabin awa kafin koko, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Kada ya daina don ya ji sauƙi.

Aikin gida: ku karanta wa iyayenku wannan darasi, sannan ku rubuta alamomi uku na kowace fuska.